Ta ce a canza hannu a matse ƙugu bayan na yanka, me zan rubuta mata?

Tambaya: Salam Anti. Wata kwastomata ta kawo atamfa in mata doguwar riga mai hannu bulbul, na yanka har na haɗa sama da ƙasa, sai ga saƙo wai a mayar da hannun dogo siriri, ƙugun kuma a rage inci 3. Awonta 32 ne, na ɗinka 33. Tsoro nake ji in yi ta ce na ɓata mata kaya, in ƙi kuma ta ce ban iya ba. Me zan rubuta mata?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki sa almakashi a rigar nan sai kin rubuta mata ta amsa a rubuce, domin ranar da ta saka ta ga ba haka ta zata ba, maganar baki ba za ta cece ki ba.

Hannun dai kin san ramin hamata an riga an yanke shi. Bulbul yana yafe kuskure, tattarar da ke kansa tana cinye duk wani faɗi, amma siriri sai kan hannun ya zo kusan daidai da ramin, kuma in ramin ya yi zurfi, da ta ɗaga hannu rigar gaba ɗaya za ta biyo ta sama. Sannan bulbul ɗin nan shi ke faɗaɗa kafaɗa har ƙugu ya fito ƙarami a ido, kina cire shi ƙasan rigar zai rinjayi sama. Ki duba ragowar yadin ma, dogon hannu sabon yanka yake so.

Maganar ƙugun ce take ƙona min rai, kullum sai na ji ta a shago, wai a matse sosai shef zai fito. Wallahi ba haka ba ne. Shef daga dat yake fitowa da yadda aka raba ragin tsakanin gaba da baya da gefe, matsewa ba ta kawo shi. Mace mai awo 32 a ɗinka mata 30, ina inci biyun nan za su tafi? Atamfa ba ta miƙewa, ba roba ba ce, jikin ne zai turo sama da ƙasan ɗinkin, layin tattara ya kwanta a kwance a kan ciki, zif ya yi tudu a baya, in ta zauna ta ci abinci a wajen biki zaren ya fara buɗe baki. Kuma masu cewa "ba matsala Hajiya" su suka ɓata mana mutane, su kama gefe da gefe su bi da keke minti biyar su karɓi kuɗi, ba su taɓa dat ba, ba su rage bakin siket ɗin ya dace da saman ba, fulawar atamfar da aka sha wahala aka daidaita an cinye rabinta a gefe, gobe kwastoma ta zo miki tana cewa ai wance ta yi mata. Ta yi mata, amma ki ce ta kawo rigar ki gani. In kuma aka datse alawus ɗin ciki bayan an matse, shi kenan, babu abin da za a saki ranar da ta ce ta kasa numfashi.

Ga yadda zan rubuta in ni ce:

"Salam Hajiya, da fatan kina lafiya. Na ga saƙonki, zan iya yin gyaran amma ina so ki san rigar ba za ta fito kamar hoton da muka zaɓa ba. In aka cire bulbul kafaɗa za ta ragu, ƙasan rigar ya fi fitowa da faɗi, kuma ɗaga hannu zai ɗan yi miki wuya. Ƙugunki 32 ne, in na mayar 30 za ta yi tattara a ciki, zif ya tashi a baya. Shawarata ki bari in rage rabin inci ta dat, hannun kuma in rage masa kumburi in sa masa tsawo. In kin fi son yadda kika ce, ki amsa min a nan, kuma akwai ƙarin kuɗin farkewa da kwana biyu a kan ranar da muka yi."

Kafin ta yanke shawara ki roƙe ta ta shigo gwaji, ki kama ƙugun da fil a kan 30 ɗin da take so, ki ba ta kujera ta zauna ta kuma ɗaga hannu. In ta dage duk da haka, ki yi mata da dogon ɗinki mai saukin farkewa, alawus ɗin kuma ki bar shi a ciki kar ki datse.