Satifiket ɗin da ke ƙara albashi

"Oga, na ɗan tara kuɗi, CCNA zan yi ko PMP ko CISA? Wanne ya fi ƙara albashi?"

Kai dai yaran yanzu kun fi son takarda a kan aiki. PMP ɗin ko rajista ba za su bar ka ka yi ba sai ka nuna wata 36 kana jagorantar aiki in kana da digiri, wata 60 in babu, ga horon awa 35. CISA ta masu odit ce, ko ka ci jarabawar sai da shekara 5 ta aiki a fannin kafin su ba ka, in ban da ɗan ragin da suke yi wa mai karatu. Kai da ke jan kebul kana saita suwic kullum me ya kai ka can? CCNA ta Cisco ta masu aikin netwok za ka yi, jarabawa mai lamba 200-301, yadda ake karatunta kuma ba sai na faɗa maka ba.

Abin da nake so ya shiga kanka shi ne takardar da ke ƙara kuɗi ita ce wadda mai biyan ka yake buƙata don shi ma ya samu kuɗi. Wani ɗan kwangila ne ya nuna min haka, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. An sa sharaɗi a tanda ta neman kwangila dole kamfani ya kasance da mai CCNP, wadda ke gaba da CCNA, shi ko ɗaya ba shi da shi, ya zo yana ta Injiniya kaza Injiniya kaza, in ba shi kwafin tawa da lambata ta Cisco, in aiki ya fito nawa ne. Aiki ya fito ya daina ɗaga wayata, ya kwaso wasu yara masu takardar halartar kwas ta sati biyu saboda arha. Suka haɗa suwic biyu da kebul biyu alhali sun kashe spanning tree da ke hana saƙo zagaye tsakanin suwic, saƙo ya dinga zagaye ba tsayawa, fitilun suwic duk suna ƙyaftawa a tare kamar sun haukace, ofis gaba ɗaya ba netwok, wanda ya ci CCNA da gaske da `show spanning-tree` kawai zai gane. Kuma sunan wa ke cikin fayil ɗin? Nawa. Ni aka kira ana tuhuma a kan aikin da ko sisi ban gani ba, na je na gyara don mutuncina, har yau bai biya ni ba wallahi.

To ka duba tallan aiki da takardun tanda na inda kake hari, sunan da ke ta maimaituwa shi za ka bi, kuma ya zama wanda ake zana jarabawa da mai sa ido, a iya tantance shi a shafin masu bayarwa. CCNA shekara 3 take yi ta mutu in ba a sabunta ba, ka sa wannan a lissafi. Ran da wani ya nemi kwafinta kuma, sai an rubuta yarjejeniya da kuɗinka a ciki ya sa hannu tukuna.