Kuɗin da muke turowa gida da maganar haraji: amsa daga Ingila

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne sabuwar dokar harajin Najeriya za ta riƙa yankar wani kaso a kuɗin da muke turowa gida, sannan ka ƙara da cewa mu nan Ingila ai ba ruwanmu, tunda mun karɓi fasfon Turawa, wasunmu ma har sun auri 'ya'yansu. Kashi na biyun ya ɗan yi zafi, amma za mu zo kansa, don a cikinsa ne rabin ruɗanin yake.

Turo kuɗi ba samun kuɗi ba ne. Hukumar haraji ba ta tare fam a hanya don kawai ya tashi daga Birmingham ya sauka a Kano. Tambaya biyu take yi: wanda ya samu kuɗin, mazaunin wace ƙasa ne? Kuma a wace ƙasa aka yi aikin, ko a ina kadarar da ta haifar da kuɗin take? Ƙasar da kake zaune tana neman haraji a kan duk abin da ka samu, ko a ina ka samo shi a duniya. Ƙasar da kuɗin ya fito kuwa tana neman nata a kan abin da ya fito daga cikinta, ko da mai shi bai taka ta ba shekara goma. Birtaniya na aiki da duka biyun, Najeriya ma haka, ƙarƙashin dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026.

Mu ɗauki naira miliyan shida, mu bi ta hanya uku. Don lissafi ya yi sauƙi a ce fam ɗaya naira 2,000 ne, wato fam 3,000 ke nan.

Ta farko, ɗan'uwanmu ne ma'aikacin asibiti a nan Ingila, albashinsa fam 32,570 a shekara. Fam 12,570 na farko ba haraji a kansa. Sauran 20,000 ana cire masa kashi 20 cikin ɗari, fam 4,000. Ga kuma kuɗin inshorar ƙasa, kashi 8, wajen fam 1,600. Duk wannan tun kafin albashi ya shiga asusunsa aka zare, sai dai ya gani a takardar albashi a ƙarshen wata, layi biyu a gefen dama. A cikin abin da ya rage ne yake tura wa mahaifiyarsa fam 250 duk wata. Birtaniya ba ta ƙara karɓar ko kwabo don ya tura, kuma ba ta rage masa don yana ciyar da iyaye. Najeriya ba ta da abin nema a albashin, tunda a nan yake zaune, a nan ya yi aikin. Ita kuma Hajiya kyauta aka yi mata, kyauta kuwa ba ta cikin kuɗin shiga da ake biya wa haraji, Taiwo Oyedele da ya jagoranci kwamitin gyaran dokar ma ya sha maimaita hakan. In ta ga abin da ya iso bai kai lissafinta ba, la'adar kamfanin tura kuɗi ce da bambancin canji. Amma mutane da yawa duk abin da aka cire sunansa haraji a bakinsu, daga nan jita-jitar ke samun ƙafa.

Ta biyu, wani matashi a Tudun Wada yana yi wa wani kamfani na Landan aikin kwamfuta daga ɗakinsa, ana biyansa miliyan shidan nan a shekara. Alat ɗin da ke shigo masa kusan irin na Hajiya ne, daga waje, ta banki ɗaya ma wataƙila. Amma nasa lada ne na aiki, shi kuma mazaunin Najeriya ne. Naira 800,000 na farko ba komai a kai. Miliyan biyu da dubu ɗari biyu na gaba kashi 15, naira 330,000. Sauran miliyan uku kashi 18, naira 540,000. Jimla naira 870,000, kafin a duba rangwamen da doka ta ba shi, irin na kuɗin hayar gidan da yake zaune. Wannan ne dokar ta shafa. In ya ce ai kuɗin waje ne ba a taɓawa, ya ɗauki hukuncin Hajiya ya ɗora wa kansa.

Ta uku ita ce wadda ta fi kama mutanenmu, kuma ita ce ba ku gani daga can. Ɗan'uwan nan na asibiti ya yi shekaru yana turo kuɗi, ya gina gida a Kano, ya ba da shi haya miliyan shida a shekara. Kuɗin ba ya zuwa Ingila ko kaɗan. Ƙaninsa ke karɓa, a sayi abinci, a biya wa yara makaranta. Shi a ganinsa ba abin da ya haɗa Birtaniya da wannan. Alhali yana da alaƙa da ƙasashen biyu: Najeriya saboda gidan a ƙasarta yake, Birtaniya saboda mai gidan mazauninta ne.

A ce mai hayar kamfani ne, ya cire kashi 10 tun daga tushe ya miƙa wa hukuma, naira 600,000, daidai da fam 300. A Birtaniya sai mai gidan ya bayyana fam 3,000 ɗin gaba ɗaya. Yana da zaɓi: ko ya cire abin da ya kashe a gyara da kuɗin dillali, ko ya cire fam 1,000 da doka ta yafe wa mai samun kuɗin haya, amma ba duka biyun ba. In gyaran fam 500 ne, cire dubun ya fi masa. Saura 2,000, kashi 20 nasa fam 400 ne. Sai a sauke masa fam 300 da aka riga aka biya a Najeriya, ya cika 100. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a 1987 don kada a biya haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya, ga inda take aiki.

Inda abin ke lalacewa shi ne takarda. Sauke fam 300 ɗin nan sai da shaidar cewa an biya, da sunan mai gidan a jiki. In ƙanin bai karɓi rasit daga kamfanin ba, ko rasit ɗin ya fito da sunansa shi, to yayan zai biya 400 cur a nan, ga 300 can ta tafi. Shi ya sa za ka ji ɗayanmu yana ta kiran waya a watan Janairu yana cewa a ɗauko masa hoton rasit, a gida kuma ana cewa ya zama Bature, ba ya yarda da ɗan'uwansa. Ba rashin yarda ba ne. Shekarar haraji a nan tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun gaba. Wanda ya fara samun kuɗin haya sai ya yi rajista kafin 5 ga Oktoba, ya cike bayanansa ta intanet ya biya kafin ƙarshen 31 ga Janairu. Ya wuce da kwana ɗaya, tarar fam 100 ce ta farko.

Dattawanmu da suka daɗe a nan za su ce maka su ba su taɓa yin haka ba, kuma wasunsu da gaskiyarsu. A da akwai tsarin da baƙon da asalinsa ba ɗan ƙasa ba ne zai iya barin kuɗin da ya samu a waje ba haraji, matuƙar bai shigo da shi Birtaniya ba. An soke shi daga 6 ga Afrilun 2025. Abin da ya maye gurbinsa na sababbin zuwa ne kaɗai, shekara huɗu na farko, ga wanda ya yi shekara goma a jere ba ya zaune a nan. Har yanzu a taron suna za ka ji ana ba matasa shawara da tsohuwar doka.

Yanzu maganar fasfo da aure. Fasfo ba ya yanke hukunci a nan. Mai koren fasfo kaɗai in ya yi kwana 183 a Birtaniya cikin shekarar haraji, mazauni ne, ko da ƙasa da haka ma yana iya zama in yana da gida da iyali da aiki a nan. Amurka ce ta fita daban, tana bin ɗan ƙasarta da haraji duk inda yake zaune. Ita ce kuma daga 2026 ta sa kashi 1 a kan kuɗin da aka tura waje in da tsabar kuɗi aka biya a kanti, ban da wanda ya fita daga asusun banki. Labarin ya iso ku kamar duk duniya aka yi, har ana tambayarmu mu na Ingila.

Auren 'yar ƙasa bai canza komai ba. Mata da miji kowa da lissafin harajinsa daban, ba ta da ikon hana shi turawa ta hanyar hukuma, kamar yadda ake faɗa a gida duk lokacin da kuɗin wani ya ragu. Yawanci kuɗin wuta da na haya ne suka tashi. Kuma da yawa daga matan nan da ake zargi su ke tuna wa miji cewa azumi ya kusa, ba a tura na gero da sukari ba. Yaranmu suna durƙusawa su gaida manya, suna zuwa Islamiyya ranar Asabar, Hausarsu dai da ɗan karkacewa. Mun san kuna dariya in sun yi magana a waya.

Abin mamaki, wanda kuke cewa ya ɓace ɗin shi ya fi kowa sauƙin lissafi: gidansa, matarsa, aikinsa duk a wuri ɗaya. Mai wahala shi ne wanda kuke yabo, wanda ya bar mata da yara a Kano, yana da gidan da yake sauka a can. Sabuwar dokar Najeriya ba ta tsaya ga ƙirga kwana 183 cikin wata goma sha biyu ba, tana duba ko mutum yana da gida na dindindin da aka tanadar masa, ko harkokin samunsa da iyalinsa na kusa suna Najeriya. Irin wannan kowace ƙasa za ta iya cewa nata ne. Sai a koma ga yarjejeniyar 1987, a bi ta daki-daki: ina gidansa na dindindin yake, in yana da shi a wuri biyu ina rayuwarsa da samunsa suka fi ƙarfi, sannan ina ya fi zama, sai a ƙarshe a duba ɗan wace ƙasa ne. Albashin da ya yi aikinsa a asibitin Ingila dai Birtaniya za ta karɓi nata a kai ko yaya aka yanke.

Haka wanda ya ce zai zo gida wata bakwai ya tsaya a kan gini. Ya haye kwana 183 a Najeriya, ga gidansa da iyalinsa a nan ba su motsa ba, ya zama na ƙasa biyu a shekarar. Don haka in ka ga ɗayanmu ya zo, ana roƙonsa ya ƙara wata ɗaya ya ga bikin 'yar yayarsa, shi kuma yana duba tambarin shiga a fasfonsa yana ƙirga kwanaki, a tambaye shi nawa suka rage masa kafin a tsayar da ranar ɗaurin aure.