Na ce masa "zan neme ka", yanzu kullum sai ya kira

"Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan kaji a hanyar Shika, ni nake haɗa abincinsu. Na sa mutum uku su kawo min samfur da farashin masara buhu 60, na zaɓi ɗaya har na ba shi adibas. Cikin biyun da suka rage akwai wani dattijo abokin mahaifina, na ce masa zan neme shi, yau sati biyu kullum sai ya kira. Ya zan yi in sallame shi ba tare da zumunci ya ɓaci ba?"

Wa alaikumus salam. Alhaji ka je ka same shi yau ɗin nan, in dare ya yi maka to gobe da safe, amma kar ya wuce haka. A wurinka "zan neme ka" sallama ce cikin kunya, shi kuma a wurinsa magana ce da ba a rufe ba, kuma dilan hatsi in yana sa ran oda ba zama yake kawai ba, kaya yake tarawa. Ƙila ya riga ya shiga kasuwar Giwa ko Maƙarfi ya kama buhunan, ƙila ma da kuɗin wani. Mu ɗauka ya tara 60 ɗin nan saboda kai, sabuwar masara ta fara shigowa farashi ya sauka da dubu uku a kowane buhu, ka ga dubu 180 ta tafi kenan, ba a sa kuɗin mota da na 'yan dako da na sito ba. Wannan asarar ita ce za ta ɓata zumuncin in ta faru, "a'a" da aka faɗa da wuri kuwa haushin kwana biyu ne ya wuce.

Tunda dattijo ne kuma abokin mahaifi, ba maganar waya ba ce balle saƙon WhatsApp. Ka taka ka je, kuma ka nemi lokacin da yake shi kaɗai, kar ka tare shi a bakin rumfa gaban yaransa da sauran dilolin da suke gasa da shi, nan ne mutum yake jin an ci masa fuska. Ku gaisa sosai yadda aka saba, iyali, jiki, kasuwa, wannan ba a gaggauta shi. Amma da zarar an gama gaisuwa to hukuncin ya fara fitowa kafin komai. Misali: "Baba, na zo ne a kan maganar masarar nan. Na riga na ba wani odar, mun gama magana har na biya adibas, don haka wannan karon ba zan karɓa a wurinka ba. Kuma ka yi haƙuri da jinkirin da na yi ban sanar da kai ba." Ka lura haƙurin a kan jinkiri ne, ba a kan zaɓin ba, don zaɓin haƙƙinka ne, kuɗinka ne kajinka ne. Mutane da yawa sukan fara da yabo mai tsawo, kayanka masu kyau ne, kai ubanmu ne, har mutumin ya fara murmushi yana zaton nasa ne, sannan a ƙarshe a sako "sai dai". Wannan ya fi ciwo.

Zai tambaye ka dalili, ka ba shi guda ɗaya tak, na gaskiya, wanda ya shafi kayan ba shi kansa ba. In masarar tasa ba ta gama bushewa ba ka faɗa, ka ce na ciza na ji da danshi, kuma ka san in na ajiye ta haka fumfuna za ta yi, kaji kuwa ba sa ɗaukar wannan. In awo ne bai cika ba ka ce na ɗora a sikeli bai kai yadda muka yi magana ba. In kuma bashi ne wancan ya yarda ya ɗaga maka sati uku shi bai iya ba, shi ma dalili ne mai kyau. Abin da ya sa na ce guda ɗaya, in ka jero uku zai ɗauki mafi rauni a ciki ya warware maka shi, sai ka ga kun koma ciniki sabo. Kar kuma ka yi ƙaryar da Zariya za ta tona, irin su wai na fasa saye ko kuɗi ne babu, jibi motar wancan za ta sauke kaya a ƙofar gonarka, direban ko ɗan dakon ya san yaron Baba. Haka nan kar ka laɓe bayan wani ka ce abokin haɗin gwiwata ne ya ƙi, sai ya ce to haɗa ni da shi.

Sunan wanda ya ci odar da farashin da ya ba ka, waɗannan ka riƙe su a cikinka, amana ce. Kuma ka shirya don kusan dole zai ce to nawa ya ba ka, ni na rage maka dubu ɗaya a buhu. A nan ne yawanci ake zamewa, mutum ya ce bari in duba, shike nan an koma gidan jiya. Amsar ita ce "Baba ko ka rage ba zan iya warware maganar da na ƙulla ba." Dattijo ɗan kasuwa ya san hadisin da ya hana yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, ba sai ka karanta masa ba, zai gane. In ya sake maimaita buƙatar ka sake maimaita amsar da murya mai laushi, kar ka ƙaro sabon dalili.

Maganar "wani karon" kuma a yi hattara da ita. In da gaske kana son sake gwada shi ka sa mata lokaci da sharaɗi, ka ce bayan wata biyu zan sake neman farashi, zan kira ka tare da sauran, wanda kayansa suka bushe awo ya cika shi zan ba. In kuwa ka san ba za ka taɓa saye a wurinsa ba to kar ka ce in sha Allah gaba, ka yi godiya kawai ka yi masa addu'ar kasuwa. Kuɗin motar da ya kashe ya kawo samfur in ka ga dama ka mayar masa, da samfurin in da saura. Sannan ka riga shi zuwa wurin mahaifinka ka faɗa masa yadda aka yi, don labarin zai kai can ko ta yaya, gara ya fara ji daga bakinka.

Na ukun nan fa da ba ka ce komai a kansa ba, don bai dame ka da kira ba ba yana nufin ba ya jira ba. Shi waya ta isa, minti biyu: na gode da samfur, na ba wani, ba sai ka riƙe min kaya ba. Haka za ka yi da yaran da suke zuwa neman aikin gona in ka ɗauki ɗaya, sauran ka kira su a ranar ka ce an ɗauki wani, ka mayar musu da takardunsu, in wani ne ya kawo yaron shi ma ka sanar da shi da bakinka kafin ya aiko a tambaya.