Matatar ruwa ta yashi da gawayi: me zan rubuta a takardar neman amincewa?

Tambaya: Malam, ina aji biyu na babbar sakandare a Gombe. Ina so in shiga gasar kimiyya da matatar ruwa ta yashi da gawayi da tsakuwa. Na rubuta cewa zan mai da ruwan kududdufi ruwan sha, sai malaminmu ya dawo mini da takardar, wai in sake. Ina na yi kuskure?

Amsa: 'Yata, malaminki ya yi miki gata. Alkawarin nan ya fi ƙarfin gorar roba. Yashi yana tare laka da ɓurɓushi, gawayi yana rage wari, amma ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifot suna bi ta tsakanin yashin su wuce, ruwan kuwa ya fito garau. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar cutar E. coli ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha, ido kuma ba ya ganin wannan. Ruwan dam ɗin Dadin Kowa ma, bayan an tace shi, sai an sa masa sinadarin kulorin kafin a turo shi cikin gari. Saboda haka ki rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba wanda zai sha ruwan gwajinki.

Abin da alƙalan gasa ke nema shi ne tambaya guda wadda za a iya aunawa. Ga wadda zan ba ki: shin zurfin yashi yana canza hasken ruwan da ya fito da kuma saurin fitarsa? Sai hasashenki ya biyo baya, cewa yashi mai zurfi zai fi ba da ruwa mai haske amma zai fi nawa.

A wajen bayanin yadda za ki yi ne takardar take tsayuwa ko ta faɗi, don haka ki sa lambobi. Gorunan roba huɗu masu lita ɗaya da rabi, a yanke gindinsu a kife su, a ɗaure ƙyalle mai tsabta a baki. Uku daga ciki a zuba musu tsakuwa santimita 3, sai dakakken gawayi santimita 4, sannan yashi a sama: ta farko santimita 4, ta biyu 8, ta uku 12. Ta huɗu ƙyalle kaɗai za ta samu, don ita za ta nuna abin da tsakuwa da gawayi da yashin suka ƙara. Ɗalibai da yawa suna manta wannan gora, ni kuwa ita nake fara nema idan aka miƙo mini takarda.

Kada ki ɗebo ruwan kududdufi, domin na yau daban, na gobe daban, ga haɗarin cuta. Ki haɗa naki: cokali huɗu na jar ƙasa a bokiti mai lita 20, ki motsa duk lokacin da za ki ɗiba. Kowace gora lita ɗaya, a hankali a hankali.

Saura awo. Ki sami bututu mai garai-garai, tsawon santimita 50, ki toshe ƙasansa da farin murfi da aka zana wa baƙin gicciye. Ki riƙa zuba ruwan kina leƙawa ta sama har gicciyen ya ɓace miki, sai ki auna tsawon ruwan da rula. Na bokiti zai ɓatar da alamar da wuri, tataccen kuwa sai ya hau sama. A inuwa ɗaya za ki yi, da ido ɗin mutum ɗaya. Agogon waya kuma ya ƙidaya mintunan da rabin lita ke ɗauka kafin ya taru. Kowace gora sau uku, ki fitar da matsakaici.

Ki ware sakin layi na abin da zai iya lalacewa. Yashin da ba a wanke ba yakan fitar da ruwan da ya fi na bokiti dauɗa, don haka ki wanke shi har ruwan wankin ya washe, gawayin ma haka, in ba haka ba ruwan zai fito baƙi-baƙi. Idan kika ga ya zubo cikin 'yan daƙiƙu da lakarsa, to ya sami hanya ta jikin gorar ne, sai ki sake shimfiɗa yashin. Ki ɗora faffaɗan dutse a sama don zubin kada ya haƙa rami. Laka mai laushi ƙwarai kuwa takan tsere wa yashi, ruwan ya fito kamar tsinkakken koko. Idan haka ta faru ki rubuta shi yadda ya zo, ki ce gwaji na gaba za a fara kwantar da lakar da alif.

Ƙarshen takardar sai jerin kaya da kuɗinsu, da jadawalin mako biyu: na farko na wanke yashi da haɗa gorunan, na biyu na awo da rubutu.