Muryata ba nauyi kuma a dushe, in sayi sabon makirfo ne?

Tambaya: Salam. Ina naɗar karatu da makirfo mai USB, amma in na saurara muryar siririya ce ba nauyi, kuma a dushe kamar ta cikin bargo nake magana. Sabo zan saya ko tana gyaruwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa riƙe kuɗinka tukuna, manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta isheka wannan aikin. Amma kafin ka taɓa komai duba tazararka da makirfon, yawanci daga nan matsalar take. Matso kamar taƙi ɗaya, santimita 15 haka, ka ɗan karkatar da shi gefen baki saboda iskar "f" da "b". Makirfo mai ɗaukar sauti ta gaba, da ka matso shi da kansa yake ƙara wa murya kauri.

Sai ka buɗe Filter Curve EQ a cikin Audacity, inda ake ɗaga ko rage sassan sauti: ƙaramin Hz sauti mai kauri ne, babba siriri, dB kuma yawan abin da ka ɗaga ko ka rage. Yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, gurnanin fanka ne da motsin tebur kawai a wajen. Nauyin murya yana wajen 120 zuwa 200 Hz, ɗaga shi 2 ko 3 dB. To anan ne mutane suke kwafsawa, sai mutum ya ji daɗi ya kai shi 8, a hedifon kamar abin kirki, ana sawa a sifika sai buuu, ba a gane kalma ɗaya. Dushewar kuma wajenta daban, galibi cunkoso ne tsakanin 300 da 500 Hz, rage 3 dB a nan ka saurara, sau da yawa tun kafin ka ƙara komai a sama za ka ji murya ta washe. In da saura sai ka ɗaga 2 dB wajen 4000 Hz inda baƙaƙe suke fitowa tar. Gwada da jimla mai "s" da "sh" da yawa, in suka fara sukar kunne ka wuce gona da iri, koma baya.

Compressor a ƙarshe, kuma a hankali don Allah. Sa Ratio 2:1 ko 3:1, ka dinga sauke Threshold har kalmomin da ka faɗa da ƙarfi su ragu da 3 zuwa 4 dB. Aikinsa ya danne wuraren da suka yi ƙarfi, in ka ɗaga ƙarar gaba ɗaya sai ƙarshen jimla da yake ɓacewa ya fito. In ka ji numfashinka da shuuu ɗin ɗaki suna tasowa duk sanda kayi shiru, matsin yayi yawa, sassauta.

Wajen kwatanta tsohon naɗin da wanda ka gyara ka daidaita ƙararsu, don kunne kullum mai ƙarfin yake zaɓa.

Sayen sabo sai in ka matso, ka rage gain, wato ƙarfin ɗaukar makirfon, ɗaki shiru, amma har yanzu makirfon yana shuuu ko yana fasa murya. Wannan EQ ba ya gyara shi.