Tarihin kakar Arsenal: yadda za ka rage maimaici ba tare da muryarka ta ɓace ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Samaru, kuma masoyin Arsenal. A kakar 2022/23 duk wasan da muka buga, in na dawo daga gidan kallo sai na rubuta abin da na gani a waya. Wasannin da ban samu gani ba abokina ɗan Kano ya rubuta mini. Yanzu na haɗa su, sun kai kalma dubu shida, amma duk wanda na ba ya karanta sai ya ce ina ta nanata magana, kuma kamar mutum uku ne suka rubuta. Ga shi na turo. Ta ina zan fara gyara?

Amsa: Ƙanena, na karanta tun daga farko har ƙarshe, kuma kafin ka goge ko kalma ɗaya akwai shawarar da sai ka yanke: a wace rana kake tsaye kana ba da labarin nan? A shafi na huɗu akwai mutumin watan Janairu, wanda ƙungiyarsa ta haɗa maki 50 a wasa 19 na farko, yana rantsuwa cewa kofi ya zo gida. A shafi na goma sha ɗaya akwai mutumin watan Mayu, wanda ya ga Nottingham Forest ta ci mu ɗaya da nema, yana cewa shi dama tun farko ya san ba za a kai labari ba. Duka biyun kai ne, amma ba za su zauna a tabarma ɗaya su riƙa karɓe magana daga bakin juna ba. Kuma daga nan maimaicin ma ya samo asali. Kowane dare ka rubuta abinka ne kamar mai karatu bai ga na jiya ba, don haka kullum sai ka sake gabatar da komai daga tushe.

Ni zan ce ka tsaya a ƙarshen kaka, bayan an tashi Manchester City na da maki 89, Arsenal na da 84. Mai ba da labari ya san ƙarshen, sai dai ba ya gaggawar faɗa. Zumuɗin Janairu ba jefar da shi za ka yi ba, mayar da shi za ka yi abin da ake ba da labarinsa. Inda ka rubuta “Wallahi bana kofin namu ne, duk mai ja ya zo”, sai ya koma “A daren nan na fito daga gidan kallo ina rantsuwa cewa kofin namu ne.” Zafin yana nan, amma yanzu mutum ɗaya ne ke riƙe da alƙalami.

Bayan wannan sai ka buga rubutun a takarda. Shagunan da ke bakin jami'a za su yi maka, kuma ya fi gyara a waya nesa ba kusa ba, don a waya sakin layi biyu kawai kake gani a lokaci guda, shi kuwa maimaici ba ya bayyana sai an shimfiɗa shafuka gefe da gefe. A gefen kowane sakin layi ka rubuta, cikin kalma biyar ko shida, abin da yake ƙoƙarin tabbatarwa. Ba abin da ya faru ba, abin da kake cewa game da shi. Na yi wa naka haka, sai na tarar “rashin Saliba ya kashe bayanmu” ya fito sau bakwai, “yaran ba su da gogewa” sau biyar. Ko sau ɗaya ba ka maimaita jimla iri ɗaya ba, shi ya sa idonka bai kama ba. Ra'ayin ne ke dawowa, kowane zuwa da sabuwar riga.

Mu ɗauki watan Afrilu, inda abin ya fi tsanani. Ka ba shi kusan kalma 1,400. Ranar 9 ga wata aka yi 2-2 da Liverpool a Anfield, ranar 16 aka yi 2-2 da West Ham, ranar 21 aka yi 3-3 da Southampton, ranar 26 City ta ci 4-1. A kowane ɗaya daga cikin huɗun ka buɗe da yadda gidan kallo ya cika, ka bi ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya, ka koka da rashin Saliba, ka rufe da lissafin teburi. Mai karatu ya sha wannan tuwon sau ɗaya da daɗi, na biyu da haƙuri, a na uku ya ture kwano.

Maganar Saliba gida ɗaya take buƙata, kuma gidanta shi ne ranar 16 ga Maris, daren da ya ji ciwon baya a wasan Sporting, bai sake bugawa ba har kaka ta ƙare. A nan za ka zauna ka faɗi duk abin da kake da shi: saurinsa da ke ba 'yan baya damar matsowa har tsakiyar fili, da abin da ya canza da Rob Holding ya maye gurbinsa. Ka ba ta sakin layi biyu cikakku. Daga nan kuma ba ka sake yin bayani, sai dai ishara. A wasan City, rabin jimla ta isa: “Haaland ya samu filin da muka ji tsoro tun Maris.” Wanda ya karanta baya zai gane, zai ma ji daɗin cewa ka yarda da ƙwaƙwalwarsa.

Su kuma wasannin, ka tambayi kowanne abin da yake da shi wanda 'yan'uwansa ba su da shi. Liverpool da West Ham labari ɗaya ne: an fara cin biyu, aka farke. Ka ba da na Anfield cikakke, tunda a nan ne abin ya fara, kuma a nan rubutunka ya fi rai, inda ka ce Firmino ya farke ana dab da shan ruwa har kunun ya ƙi shiga. West Ham kuwa abu ɗaya ne nata, fenaritin da Saka ya zubar ana 2-1. Ga yadda zan taƙaita kalma ɗari ukun da ka ba ta:

“Bayan mako ɗaya muka sake yin irinta a gidan West Ham. Cikin minti goma muna da biyu. Da suka farke ɗaya, Saka ya samu fenaritin da zai rufe wasan, ya buga waje. Ba a jima ba Bowen ya mayar da shi 2-2.”

A nan ne masu gyara suke yin ɓarna, don haka ka kula. In hannu ya saba da haɗewa, sai ka ji kana son rubuta “wasa uku a jere muna gaba ana farke mana”. Jimlar ta yi daɗi, amma ƙarya ce. A wasan Southampton mu ne a baya. Tun minti na farko Ramsdale ya miƙa musu ƙwallo suka ci, aka kai 3-1, sai Odegaard da Saka suka farke a mintunan ƙarshe. Wannan wani ciwo ne daban, na ƙungiyar da ke saman teburi tana roƙon canjaras a gidanta a hannun ta ƙarshe, kuma a daren Sallah. Ya cancanci sakin layinsa. Duk lokacin da ka haɗe wasanni a jimla ɗaya, ka koma ka gwada jimlar a kan kowane wasa shi kaɗai. Lissafin teburi kuma sau ɗaya, bayan wasan City: maki uku cikin goma sha biyu. Da haka Afrilu zai sauko wajen kalma 600.

Akwai maimaici ɗaya da na ce kada ka taɓa. Dattijon nan mai shayi da ke ce maka “saura wasa nawa?” duk lokacin da ka zo kana murna, ya fito sau huɗu, kuma kowane zuwa ma'anar tambayar tana ƙara nauyi. A Janairu zolaya ce. Bayan ƙwallon Reiss Nelson a minti na 97 a wasan Bournemouth ta fara zama gargaɗi. A Mayu ba ya ma tambaya, shayi kawai ya miƙo maka. Wannan amshi ne irin na waƙa. Gwajin da nake yi shi ne: in abu ya dawo, ya tarar da mai karatu a inda ya bar shi, ko wani abu ya canza? In babu abin da ya canza, a cire.

Sai sassan abokinka. Ko ba ka faɗa mini ba zan nuna su da yatsa, don shi muryar labaran wasanni na rediyo yake yi: “Ƙungiyar Arsenal ta lallasa takwararta”, “mai tsaron raga”, “bugun daga kai sai mai tsaron gida”. Kai kuma “mun ci su”, “gola”, “fenariti”. Babu wanda ya yi kuskure, amma rubutun na masoyi ne, don haka “mu” ce za ta yi mulki. Na lura ma kai kanka in an ci wasa “mu” ne, in an sha kashi sai su koma “yaran Arteta”. Duk masoya haka muke, sai dai a rubuce abin yana fitowa fili kamar gudun dangi ranar biyan bashi. In ka ce “mu” a Agusta, ka ce “mu” ranar da Brighton ta zo har gida ta zura uku.

Kada ka yi ƙoƙarin gyara nasa kalma-kalma, faci zai fito. Ka karanta sashen, ka kife takardar, ka ba da labarin da bakinka kamar kana gaya wa wani a majalisa, sannan ka rubuta abin da ka faɗa. Tunda ba ka ga wasannin ba, kada ka ari idonsa ka ce ka gani. “Ina ɗakin jarrabawa aka buga wannan, abokina ne ya ba ni labari” jimla ce mai kyau, kuma tana ba ka damar ajiye kalma biyu ko uku nasa a matsayin maganarsa.

Wani abin da ke tona asirin hannu biyu shi ne karin harshe. Kai Bazazzagi ne, kana rubuta “ƙungiyan”, “ƙwallon ya shiga”, “nasara ne”. Shi yana rubuta “ƙungiyar”, “ƙwallon ta shiga”, “nasara ce”. Ni zan bi daidaitacciyar Hausa a bakin mai ba da labari, tunda masu karatunka ba a Zariya kaɗai suke ba, in bar Zazzaganci a bakin mai shayi da 'yan gidan kallo, inda yake ƙara armashi. In ka fi son naka karin daga farko har ƙarshe, hakkinka ne, amma ka zaɓi ɗaya. Wannan aikin na kwamfuta ne: ka danna Ctrl+F ka nemi “ƙungiyan”, ka nemi “ ne” ka duba sunan da ke gabansa. Haka sakamakon wasa, ko 2-2 ko “biyu da biyu”, ba gauraye ba.

In ka gama yanka, ka nemi “kamar yadda na faɗa” da “shi ma” da “wannan matsalar”. Sau da yawa abin da suke nuni gare shi yana cikin abin da ka goge, sai su tsaya suna nuna fili. Daga nan ka ba wani rubutun ya karanta maka da ƙarfi, wanda ba ya kallon ƙwallo in da hali. Inda ya tambaye ka “wane ne shi?”, ka yanke da yawa, ka mayar da suna. Inda ya fara sauri yana haɗiye kalmomi, akwai sauran abin cirewa. A lissafina naka zai tsaya tsakanin kalma 3,500 da 4,000, kuma yawancin abin da zai tafi daga Satumba zuwa Nuwamba ne, inda muke ta cin wasa kana ta faɗin haka.