Gaisuwa a garin da ba ka jin yarensu

"Jama'a, daga Kano aka turo ni aiki Gombe, kuma yawancin aikin a ƙauyuka da rugage ne. Ba na jin Fillanci, balle yarukan kudancin jihar. Yaya zan gaida mutane ban yi kwaɓa ba?"

Ɗan'uwa, barka da zuwa. Na daɗe ina sayen shanu tsakanin Dukku, Kumo da Bajoga, kuma ni ma da Hausa tsura na zo. A cikin garin Gombe da kasuwanni Hausarka ta ishe ka. Inda ake tuntuɓe shi ne ruga, kuma ba rashin yare ke jawo shi ba, gaggawa ce.

Zuwana na farko wata ruga a gefen Dukku, na haddace "a waali jam?", wato ka kwana lafiya. Na iso bayan la'asar, na zarce da babur har gindin bishiyar da dattawa ke zaune, na miƙa wa mai rugar hannu a tsaye, na jefa masa gaisuwata. Ya amsa a hankali idonsa a ƙasa, ya jero mini tambayoyi da Fillanci, na yi tsuru-tsuru. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi faɗa, amma ranar ko ɗan maraƙi ba a nuna mini ba. A hanya yaron da ya raka ni ya warware mini. Gaisuwar safe na yi da yamma. Na ce wa dattijo "a", wanda sa'anka ake ce wa, alhali babba "on" ake ce masa, kamar yadda muke cewa "kun wuni lafiya". Abin da ya fi ɓata musu rai kuwa shi ne tsayuwar da na yi a kansu, da takalmina a bakin tabarma.

Tun daga nan, nesa kaɗan nake kashe babur in ƙarasa da ƙafa. Sai in yi sallama in dakata har a amsa. Idan aka ce "jaɓɓaama", maraba ake maka. Ka cire takalmi, ka rage tsawo, ka fara da wanda ya fi kowa shekaru, kuma ka bari shi ya fara miƙo hannu. Mata kuwa daga nesa, da baki kawai. Da safe ka ce "on mbaali jam?", da rana zuwa yamma "on nyalli jam?". Amsar ita ce "jam", kuma wannan kalma ɗaya za ta ɗauke ka nesa, domin za a tambaye ka gida, "noy saare?", a tambaye ka gajiya, "noy comri?", kai dai ka riƙa cewa "jam" da murya ƙasa-ƙasa. In maganar ta fi ƙarfinka ka ce "mi nanataa Fulfulde", ba na jin Fillanci, ka koma Hausa. Ka ƙare da "useko", godiya ke nan. Kada ka kawo abin da ya kawo ka sai gaisuwar ta lafa da kanta, an kawo ruwa ko nono ka kurɓa. Kuma don Allah, tunda aikinka zai haɗa ka da makiyaya, kada tambayar yawan shanu ta shiga cikin gaisuwa. Wannan tambaya tana rufe bakin Bafulatani nan take. In aiki ya buƙaci lissafi, ka bi ta hannun Arɗo ko Jauro.

Za ka gane ka dace idan aka gyara maka wuri a tabarma, ko dattijon da kansa ya juya zuwa Hausa don ya sauƙaƙa maka. In kuwa amsa ta zama gajera, kowa ya koma abin da yake yi, to ka yi sauri. Ka zauna, ka sake gaisuwa daga farko.

Kudanci, wajen Billiri da Kaltungo ƙasar Tangale, ko Balanga wajen Waja, nan za ka tarar da Kiristoci da yawa da Musulmi a cakuɗe. "Sannunku, ina wuni, Baba" ko "Mama" ta shiga kowane gida. Da ka sauka a tasha, ka sami mai shago ko mai shayi da ya manyanta, ɗan asalin garin, ka roƙe shi gaisuwar safe, ta yamma da godiya, kowacce da amsarta, ka maimaita a gabansa har ya yarda, domin a Tangale hawa da saukar murya na canza ma'ana kamar a Hausa. Samarin tasha kam kada ka tambaye su, na taɓa ganin sun koya wa wani baƙo zagi da sunan gaisuwa, ya kai shi har ƙofar mai unguwa.